Tantance Tamokoful a Darai-Bulok: Kwatanci da Madogara da Sha'anin Mahaɗar Sanyi

 

Maganata ta yau a kan aiki ɗaya ce: yadda ake ɗauko tamokoful, a sa shi a darai-bulok tare da ma'aunin da aka amince da shi, a gano ko digiri nawa yake kuskurewa. Zan ɗauki tamokoful nau'in K, don shi ya fi yawa a hannunmu, in tsaya a kan digiri 300, mu bi lissafin har ƙarshe. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne tamokoful baki biyu gare shi, darai-bulok kuwa da baki ɗaya kawai yake kula. Ɗayan yana waje, a kan tebur, kuma kula da shi aikin mai gwaji ne.

A shekarar 1821 Thomas Johann Seebeck ya lura cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka sa mahaɗa ɗaya ta fi ɗaya zafi, lantarki yana samuwa a da'irar. A nau'in K, waya ɗaya kuromel ce, wato haɗin nikel da kuromiyam, ɗayar kuma alumel, nikel da 'yar alminiyam. Inda aka narka bakinsu wuri ɗaya shi ne mahaɗar zafi. Inda wayoyin biyu suka ƙare suka haɗu da wayar jan ƙarfe ta na'urar karatu shi ne mahaɗar sanyi, ko da wurin ba sanyi gare shi ba. Boltej ɗin da ke fitowa ƙanƙani ne ƙwarai, kusan maikurobolt 41 ga kowane digiri ɗaya, kuma abin da yake ba da labarinsa shi ne tazarar zafi tsakanin mahaɗun nan biyu. Kamar igiyar guga ce, takan gaya maka nisa daga bakin rijiya zuwa ruwa, amma sai ka san inda bakin rijiyar yake kafin ka san inda ruwan ya tsaya. Jadawalin da duniya ta amince da shi, wanda ke cikin ƙa'idar IEC 60584-1 bisa ma'aunin zafi na ITS-90, an gina shi ne a kan cewa mahaɗar sanyi tana digiri sifili daidai. A jadawalin, nau'in K yana ba da milibolt 4.096 a digiri 100, yana ba da 12.209 a digiri 300.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su ɗauka da muhimmanci. Ba a kan bakin da aka narka boltej ɗin yake samuwa ba. Yana samuwa ne a tsawon wayar, a duk sashen da zafi ke canzawa daga sama zuwa ƙasa. Sashen wayar da ke kwance cikin zafi iri ɗaya ba ya ƙara komai. Ku ajiye wannan, za mu buƙace shi can gaba.

To, mu zo kan darai-bulok. Curin ƙarfe ne da ake ɗumamawa ko a sanyaya da lantarki, da wani curin mai ramuka da ake zurawa a cikinsa, a soka ma'aunai a ramukan. Ba ruwa, ba mai, shi ya sa ake iya ɗaukarsa a kai shi har bakin tanderu. Yana da allo mai nuna zafi, amma ma'aunin da ke ba allon labari yana binne ne a jikin na'urar kusa da hita, ba ya cikin ramin da ka soka tamokoful. Tsakaninsu akwai ƙarfe, akwai 'yar iska, kuma zafi yana tserewa ta sama. Saboda haka ne muke kawo madogara: ma'aunin filatinam, galibi Pt100, mai takardar shaidar gwaji daga ɗakin awo da aka tantance bisa ISO/IEC 17025, a soka shi a ramin da ke maƙwabtaka da na tamokoful. Daga nan aikin darai-bulok ya zama riƙe zafi a tsaye kawai. Faɗin adadin zafin, na madogara ne.

Kwatancin ba ya da ma'ana sai in bakin madogara da bakin tamokoful suna cikin zafi ɗaya, kuma a nan ne aikin hannu yake. Ramin ya dace da kaurin sanda. Jagorar EURAMET mai lamba 13, wadda ta shafi irin waɗannan na'urori, ta ce har zuwa digiri 660 kada faɗin rami ya wuce kaurin sanda da fiye da rabin milimita, kuma zurfin sokawa kada ya gaza ninki 15 na kaurin sandar. Sanda mai kaurin milimita 6 ke nan tana buƙatar aƙalla santimita 9, ni kuwa na fi son ta kai har gindin rami. Dalili shi ne sandar ƙarfe ce, rabinta a waje take cikin iskar ɗaki, tana janye zafi daga bakinta zuwa sama. In rami ya yi mata yawa, iskar da ke kewaye da ita ba ta isar da zafi da sauri yadda za ta cike abin da ke tserewa, sai bakin ya zauna ƙasa da zafin curin. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Bayan komai ya daidaita, ka zaro sandar santimita ɗaya, ka jira. In karatun ya sauka da abin da ya isa a damu da shi, zurfin bai wadatar ba.

Haka kuma ramin kansa ba zafi ɗaya yake da shi daga gindi zuwa baki ba. Can ƙasa ne ya fi daidaituwa, shi ya sa jagorar ta nemi a sami yanki mai tsawon aƙalla milimita 40 da zafinsa yake kusan ɗaya. Ku lura cewa abin da ke jin zafi a cikin Pt100 yana da tsawo, yakan kai 'yan santimitoci, na tamokoful kuwa ɗigo ne a kan baki. In ka soka su duka har gindi, tsakiyar abin jin zafin madogara tana sama da bakin tamokoful. A darai-bulok mai kyau bambancin kaɗan ne, amma sai an auna shi an sa a lissafi. Bambancin da ke tsakanin rami da rami kuma, musanya musu wuri za ka yi ka sake karantawa, sai ya bayyana.

Sai haƙuri. Allon na'ura yakan ce zafi ya tsaya tun kafin curin ciki da sandunan su iso. Madogara za ka zuba wa ido, sai ka ga ta daina hawa, tana ɗan kai-komo a wuri ɗaya na mintuna masu yawa. Sannan ka karanta a jere: madogara, tamokoful, tamokoful, madogara, ka maimaita, ka ɗauki matsakaici. Wannan jerin yana sa in zafin yana ɗan jan ƙafa zuwa sama ko ƙasa, jan ya faɗa a kan ma'aunan biyu daidai.

Yanzu mu koma ɗayan bakin, wanda a ganina nan ne yawancin takardun gwaji suke lalacewa ba tare da mai su ya sani ba.

Hanya mafi tsafta ita ce ka mayar da mahaɗar sanyi digiri sifili da gaske, da ƙanƙara. Ka sami tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje, ka daskarar, ka niƙe ƙanƙarar ta yi laushi, ka cika fulas, ka zuba tataccen ruwa kaɗan ya jiƙa ta ya cike gurabe. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza tana iya kasancewa digiri 18 ƙasa da sifili, sai ta jiƙe ta fara narkewa take komawa sifili. Kada kuma ruwa ya yi yawa har ƙanƙara ta taso ta bar ruwa zalla a ƙasa, domin ruwa ya fi nauyi a wajen digiri 4, shi ne zai kwanta a gindin fulas, daidai inda ka sauke mahaɗarka. A ɗakin da yake da zafi kamar namu a watan Afrilu, narkewar tana da sauri, sai ana tsiyaye ruwa ana ƙara ƙanƙara. Kowace wayar tamokoful sai a haɗa ta da wayar jan ƙarfe, a sa haɗin biyu cikin siririn bututun gilashi ba tare da sun taɓa juna ko ruwa ba, a nutsa su sosai, wajen santimita 20. Wayoyin jan ƙarfen su ne za su tafi ga boltmita mai iya karanta maikurobolt ɗaya. In an yi wannan da kyau, kuskuren wannan bakin bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri ba.

Ga misalinmu. An saita darai-bulok a 300, allonsa yana nuna 300.0. Madogara ta karanta 299.62, takardarta kuma ta ce a wannan zafin a ƙara mata 0.05, ya zama 299.67. Tun nan kun ga allon ya yi nesa da gaskiya da sulusin digiri. Boltmita ta nuna milibolt 12.236. Abin tambaya shi ne, nawa ya kamata lafiyayyen nau'in K ya bayar a 299.67? A 300 jadawali ya ce 12.209. Mun gaza 300 da 0.33, a wannan yankin kuma kowane digiri maikurobolt 41.4 ne, wato a rage kusan 14, ya zama 12.195. Namu ya ba da 12.236, ya zarce da maikurobolt 41, wato kusan digiri ɗaya cif. Tamokoful ɗin yana karanta sama da gaskiya da digiri 1.0, gyaransa a wannan zafin shi ne a rage 1.0. Ƙa'idar IEC 60584-1 ta ba nau'in K mai daraja ta ɗaya damar kuskure har digiri 1.5 zuwa zafin 375, don haka yana cikin iyaka.

Yanzu a ce babu ƙanƙara. An ɗaura wayoyin tamokoful kai tsaye a bakin boltmita, an kuma auna zafin wurin da wani ma'auni mai kyau, aka sami digiri 32. Tamokoful ɗin nan dai, darai-bulok ɗin nan dai, amma boltmita za ta nuna 10.951, domin tazarar yanzu daga 32 take farawa. Abin da ya ɓace shi ne boltej ɗin da ke tsakanin sifili da 32, wanda jadawali ya ce 1.285 ne. Gyaran shi ne a mayar da shi:

```
E(t) = E(aunawa) + E(32 °C)
E(t) = 10.951 + 1.285 = 12.236 mV
```

Mun dawo kan 12.236, wanda a jadawali yake daidai da digiri 300.65, sakamakon bai canza ba. Amma ga abin da ake yawan yi: sai mutum ya ɗauki 10.951 ya nufi jadawali, ya ga 269.5, sannan ya ƙara 32 a kai, ya sami 301.5. Da wannan lissafin kuskuren tamokoful ya zama digiri 1.8, ya ƙetare 1.5, sai a rubuta cewa ya faɗi, alhali lafiyarsa lau. Daga ina ƙarin ya fito? Daga cewa digiri 32 na farkon jadawali da digiri 32 na kusa da 300 ba boltej ɗaya suke da shi ba. A ƙasa kowane digiri kusan maikurobolt 40 ne, a sama ya haura 41. Wanda ya ƙara digiri a kan digiri ya ɗauka layin miƙaƙƙe ne, shi kuwa yana da ɗan lanƙwasa. Boltej ake haɗawa tukuna, sannan a juya shi zuwa digiri sau ɗaya.

Na'urorin karatu na zamani, daga ta hannu har ta jikin allon sarrafa tanderu, wannan lissafin suke yi da kansu. Akwai ƙaramin ma'auni a kusa da inda ake cusa fulogi, yana auna zafin wurin, na'ura ta ƙara boltej ɗin da ya dace. Matsalar ita ce zafin kansa yake aunawa, na'ura kuma ta ɗauka daidai yake da zafin inda wayoyi suka haɗu da jan ƙarfe. In ya ce 30 alhali mahaɗar tana 32, na'ura za ta ƙara 1.203 a maimakon 1.285. Maikurobolt 82 sun salwanta, karatu ya sauka da digiri biyu. Kusan duk digirin da aka kuskure a mahaɗar sanyi, digiri guda ne a sakamako, ko ana auna 100 ko ana auna 600, kuma babu abin da zai nuna maka a allo.

Abubuwan da ke jawo haka ƙanana ne. An ajiye na'urar karatu a gefen da fankar darai-bulok take huro iska mai zafi. An fito da ita daga motar da ta yini a rana aka shiga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, aka fara aiki nan take, cikinta da zafi, bakinta ya fara hucewa. An ɗauke wuta, sanyin ɗaki ya fara gudu kafin janareta ya tashi. Ko kuma mai gwaji ya riƙe fulogi a tafin hannunsa ya cusa, ya karanta kafin ɗumin hannun ya bar shi. Maganinsu duka ɗaya ne: a nisanta na'ura daga iskar darai-bulok da ta taga, a cusa fulogi, a bar komai ya zauna aƙalla rabin awa. Kafin a fara kuma, a nutsa bakin tamokoful ɗin kansa a ƙanƙara a ga abin da na'ura za ta ce. In ta kauce wa sifili da yawa, a fara tuhumar mahaɗar sanyi. Alamar da ke fallasa ta a ƙarshen aiki ita ce kuskuren da ya fito kusan iri ɗaya a 0, a 100, a 300. Kuskuren wayar tamokoful kanta yakan girma ne tare da zafi.

Wayar ƙari ma a nan take shigowa. A masana'anta tamokoful yakan ƙare ne a wani ƙoƙo a jikin tanderu, daga nan a ja waya zuwa ɗakin sarrafawa. In aka ja da wayar jan ƙarfe ta gama-gari, mahaɗar sanyi ta tashi daga bakin na'ura ta koma cikin ƙoƙon. A ce ƙoƙon yana digiri 45, na'ura tana 30: za ta ƙara 1.203 inda ake buƙatar 1.817, karatu ya gaza da kusan digiri 15. In kuwa wayar ƙarin ta nau'in K ce amma aka juya ta a bakunan biyu, kuskuren ninkawa yake, ya kai wajen 30. Launi yana ruɗarwa, don a tsarin IEC kore ne mai alamar tarawa, fari mai alamar ragewa, a tsarin Amurka kuwa rawaya ce mai tarawa, ja kuma mai ragewa, saɓanin abin da mai aikin lantarki ya saba. In ana shakka a kawo maganaɗisu, wayar alumel, mai alamar ragewa, ita ce take ɗan manne masa.

Saboda wannan, kafin a kunna darai-bulok sai a yanke shawara: tamokoful kaɗai ake tantancewa, ko shi da wayarsa da na'urarsa gaba ɗaya? In shi kaɗai ne, ƙanƙara da boltmita. In gaba ɗaya ne, sakamakon na wannan haɗin ne kawai, ranar da aka canza na'ura ko aka mayar da shi wata kafa, takardar ta daina aiki.

Na ce za mu dawo kan inda boltej yake samuwa. A darai-bulok, zafi yana faɗuwa daga 300 zuwa na ɗaki ne a 'yan santimitocin da ke bakin rami, don haka wannan guntun wayar ne muke gwadawa a zahiri. In tamokoful sabo ne, wayarsa iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, sakamakon ya wakilci dukkanta. Wanda ya yi watanni a tanderu kuwa, sashen da ya sha wuta ya canza. Nau'in K ma yana da wata ɗabi'a: tsakanin kusan digiri 250 da 550 tsarin ƙwayoyin kuromel yana sauyawa, boltej ɗinsa ya ƙaru, har ya kai digiri ɗaya ko fiye. A ce a wurin aiki an soka shi santimita 40, a darai-bulok kuma 15 kawai ya shiga. A tanderu, faɗuwar zafi tana kan wayar da ke jikin bango. A darai-bulok ta faɗa kan wani sashe daban, wanda ya daɗe a tsakiyar wuta. Lambar da za ka samu gaskiya ce game da sashen da ka gwada, amma ba shi ne yake aiki a tanderu ba. Ra'ayina a nan a fili yake: tsohon nau'in K da ya yi aiki a zafi mai yawa, cire shi a kawo shi darai-bulok ɓata lokaci ne. A soka madogarar da ta dace da zafin wurin a gefensa a gwada shi inda yake, ko a canza shi. Sabon ma, a fara daga ƙaramin zafi a hau, a ƙarshe a dawo a maimaita na farko, don a ga ko gwajin kansa ya canza shi.

Saura mu faɗi iyakar yardarmu da 1.0 ɗin da muka samu. A misalinmu, a ce madogara ta kawo shakkar digiri 0.03, zurfi da bambancin ramuka 0.10, boltmita 0.05, ƙanƙara 0.02, rashin daidaiton waya kuma, da aka gwada ta hanyar canza zurfi, 0.30. Ana ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushen jimlar, ya ba da kusan 0.32, a ninka biyu don a sami tabbacin kusan kashi 95 cikin ɗari, ya zama 0.6. Ku duba yadda wayar kanta ta rinjayi sauran duka, wanda ke nuna cewa sayen madogara mafi tsada ba zai rage komai a nan ba. Ku kuma duba cewa 1.0 da 0.6 sun kai 1.6, sun ɗan leƙa bayan iyakar 1.5. Ko za a ce ya ci ko a'a, ya danganta da ƙa'idar hukunci da aka yi yarjejeniya a kai da mai kaya kafin a fara aiki. Da a ce da na'urar hannu aka karanta, mai shakkar rabin digiri a mahaɗar sanyinta, da jimlar ta haura digiri ɗaya.

Don haka roƙona gare ku, 'yan'uwa masu wannan sana'a, duk takardar gwajin tamokoful da za ta fita daga hannunku, ku rubuta zurfin da aka soka shi, da yadda aka yi da mahaɗar sanyi, ƙanƙara ce ko na'ura, da wayar ƙarin da aka yi amfani da ita, da zafin ɗakin a lokacin. Wadda kuma aka kawo muku babu waɗannan, ku mayar wa mai ita ya cike su kafin ku dogara da lambobinta.